Cikin Inabi

Tela ce ta fara gane cewa lissafin bai fita ba, domin ita da tef ɗin awo take wuni. Shekara goma sha takwas tana ɗinki a wani ɗan shago tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo, kuma ko mace ta rantse mata cewa ƙugunta bai ƙaru ba, sai ta zagaya mata tef ta karanta lambar kowa na ji. Yanzu tef ɗin ya juyo kanta. A ƙidayarta cikin nata sati goma sha ɗaya ne, amma siket ɗin da ta ɗinka ta ajiye don wata na biyar ya riga ya matse ta.

Mijinta kafinta ne, shi ma mutumin awo, sai dai awonsa na katako ne, kuma katako ba ya ƙaruwa bayan an auna shi. Da ta nuna masa lambar sai ya cire fensir daga bayan kunne, ya yi wani lissafi a jikin ƙofar ɗaki, ya ce ai abin a fili yake, tagwaye ne.

'Yarsu ɗaya, shekararta tara, shi ya sa ake ce mata Tilo. Tun daga kanta Tela ba ta sake ko ɓatan wata ba, har ta kai talatin da tara ta fitar da rai. Saboda haka ranar da tsinken gwaji ya nuna layi biyu, Kafinta ya riƙe shi kamar takardar shaidar kammala makaranta, ya ce ba za su gaya wa kowa ba sai yayarsa. Gaya wa Yaya kuwa daidai yake da sanarwa a lasifika. Ita ta goya shi yana jariri, har gobe Auta take ce masa, ga furfura a gemunsa. Ta haifi bakwai, kuma a ganinta wannan ya fi duk karatun likita.

Amai ne ya fara. Tela ta san laulayi, ta yi shi a cikin Tilo, amma wannan ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Ta ajiye bokiti a gefen keken ɗinki, tana taka keke tana sunkuyawa. Yaya ta zo ta duba ta sama da ƙasa, ta ce yara biyu dole amai biyu, kuma ai kakarsu ta wajen uwa tagwaye ce. Kafinta ya fara haɗa gadon jarirai mai ɗaki biyu. Bayan kwana goma Tela ta sake awo, inci biyu ya ƙaru. Kafinta ya koma wajen aiki ya ɓalle gefen gadon ya ƙara ɗaki na uku.

Sai kuma hannunta ya soma rawa. Matar da ke zura zare a allura tana hira ba ta ko dubawa, yanzu sai ta yi sau shida zaren na kaucewa. Zuciyarta na bugawa kamar ta yi gudu alhali a zaune take, gumi na karyo mata ko fanka na kanta. Ga kuma wani ɗigon jini, baƙi-baƙi kamar ruwan shayi, yau ya zo, gobe ya ɗauke. Ta yi maganar asibiti. Yaya ta ce ita ma ta ga irin wannan a cikinta na huɗu, ga shi nan yaron yanzu yana tuƙa babbar mota. Ta kwanta ta ɗora ƙafa a kan filo kawai, awon ciki sai an shiga wata huɗu. Tela ta ji maganar Yaya, ba don ta gamsu ba, sai don tana son maganar ta zama gaskiya.

Wata Talata da hantsi, tana tsaye tana yanka yadi, ta ji mararta ta murɗa. Ta shiga bayi. Jini ne sosai wannan karon, ja, kuma a cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ruwa-ruwa, a manne da juna. Ta tsaya tana kallonsu. Ba ta taɓa ganin irinsu ba, kuma ta san idan ta kwatanta da baki ba wanda zai yarda. Ta leƙo ta zazzage maɓallan da ke cikin wata kwalba a kan tebur, ta ɗauraye ta, ta zuba abin a ciki ta rufe. Sannan ta aika mai aski ya kira mata mijinta, ta ce ya zo da mota, kada ya biya ta wajen Yaya.

Likitar mata ce ta gan su, wata 'yar siririya mai tabarau, wadda ba ta da gaggawa a magana. Ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken taga, ta ce da kowa zai riƙa kawo shaida haka da aikinta ya yi sauƙi. Ta tambayi ranar al'ada ta ƙarshe, ta taɓa cikin, ta sake tambayar ranar. Nas ta gwada jini ta ce ya ɗan hau. Aka ɗebi jini, aka kwantar da Tela a ɗakin hoton ciki, aka shafa mata wannan man mai sanyi.

Kafinta ya tsaya a bayan Likita yana miƙa wuya. A fuskar na'urar ba abin da yake gani sai fari da baƙi a cakuɗe, kamar talabijin da tasha ta ɗauke. Ya jira, ya gaji, ya ce a taimaka a ƙirga masa kawunan, saboda akwai aikin da ya tsaya a kan adadin.

Likita ta goge na'urar, ta ba Tela tawul, ta jira har ta zauna. Sannan ta jawo kujera kusa.

"Ki yi haƙuri, babu jariri a cikin nan," in ji ta. "Ba mutuwa ya yi ba, tun farko bai samu ba. An ɗauki ciki, wannan gaskiya ne, amma abin da ya kamata ya zama mabiyiya shi ne ya yi ta girma shi kaɗai, ya zama waɗannan ƙwayoyin masu kama da inabi, har suka cika mahaifa. Mu mola muke ce masa."

Tela ta dubi cikinta. Hannunta na kai, kamar yadda ya saba. Ta ɗauke shi ta rasa inda za ta ajiye, ta mayar.

Likita ta yi bayani a hankali. Akwai sinadarin da mabiyiya ke fitarwa, shi ne yake sa tsinken gwaji ya nuna layi biyu. A jinin Tela ya haura dubu ɗari biyu, ya wuce abin da ake tsammani nesa. Shi ya kawo aman da ba ya tsayawa, shi kuma ya tsokano wani ɗan ƙulli a wuya wanda ke saita bugun zuciya da zafin jiki, shi ya sa rawar hannu da gumi. Girman cikin da ya wuce kwanakinsa, da ɗigon jinin, da hawan jini tun ciki bai yi nisa ba, duk alamunsa ne, kuma ko ɗaya daga ciki ta isa a zo a duba tun da wuri.

Kafinta ya share maƙogwaro ya tambayi daga ina abin ya fito. Likita ta ce a irin na matarsa, ƙwan mace ne ya zo wayam, babu rabon uwa a cikinsa, sai na uba ya shiga ya ninka kansa ya cike gurbin. Kafinta ya juya maganar a ransa. Da farko kafaɗarsa ta ɗan ɗaga, ya ce wato dai aikin duka nasa ne, shi kaɗai. Sai ya dubi kwalbar da ke kan tebur, kafaɗar ta sauka.

"Wato ni na jawo mata ke nan."

Likita ta ce ba shi ba ne, ba ita ba ce, ba kuma wani abu da aka ci ko aka ɗauka ko aka taka ba. Kuskure ne da ke aukuwa a ranar farko, ya ɗan fi yawa ga mata masu ƙananan shekaru sosai da masu dosar arba'in, amma yana iya samun kowa. Tela ta ce wannan ne karo na farko da ya yi wani aiki a gidan shi kaɗai ba a tuna masa ba. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, Kafinta ya miƙa mata hankicinsa mai ƙurar katako ta yi atishawa a ciki.

Washegari, bayan an ba ta magani bugun zuciyar ya lafa, aka sa ta barci aka yi mata wankin ciki da na'urar zuƙa. An tanadi jini ko za a buƙata, ba a kai ga haka ba. Aka aika abin da aka fitar ɗakin bincike don a tabbatar da irinsa. Da yamma Yaya ta iso da kwando. Kafinta ya yi mata bayani a waya, amma layin ba kyau, kalma ɗaya ta kama. Ta buɗe kwandon ta fito da inabi kilo guda, ta ce ta ji Likita ta yi maganarsa, sai da ta zagaya shago uku kafin ta samu. Tela ta juya fuska bango. Kafinta ya fita da ledar baranda, kuma da yake mutum ne da ba ya son ɓarna, shi da maigadin asibitin suka cinye, yana ci yana jin kamar bai kyauta ba.

Ranar sallama Likita ta ba su wani kati mai layuka. Ta ce wankin ciki rabin aikin ne. Wani lokaci ɗan ɓurɓushin naman yakan maƙale a bangon mahaifa ya ci gaba da girma, har ya iya tafiya wani wuri kamar huhu, kuma hakan na faruwa da kusan mace ɗaya cikin biyar ko shida masu irin nata. Ba a ganinsa da ido, mace na iya jin garau alhali yana nan. Jini ne kaɗai ke tona shi. Saboda haka duk sati za a ɗebi jini a ga lambar na sauka har ta koma ta wadda ba ta da ciki, daga nan kuma duk wata har wata shida. Sannan ta cire tabarau ta dubi Kafinta musamman.

"Kuma ba ciki a wannan lokacin. Sabon ciki ma yana ɗaga lambar nan. In ta tashi, ba za mu san ko jariri ne ko ciwon ba."

Kafinta ya ce ya gane, yana duban takalminsa. Likita ta rubuta wa Tela ƙwayar tazarar haihuwa.

A gida abin da ya fara tare su shi ne gadon mai ɗaki uku, yana tsakar falo an shafe shi da fenti ruwan ƙwai. Ba wanda ya yi maganarsa kwana biyu, kowa na kewaye shi. Tilo ce ta warware matsalar, ta ce a tayar mata da shi tsaye ta zuba littattafai. Kafinta ya cire ƙafafun ya jingina shi a ɗakinta. Tela ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yarinyar na jera littafin lissafi a ɗakin gadon da aka yi wa jariri na biyu, ta koma kicin ta daɗe tana wanke tukunyar da take a wanke.

Aman ya tsaya cikin kwana uku, hannu ya daina rawa. Duk Litinin da safe suna layin ɗakin gwaji. Mai ɗibar jinin wani dattijo ne mai surutu wanda ke yi wa jijiya magana kafin ya soke ta, yana lallashinta ta fito. Kafinta ba ya iya kallon allura, sai ya juya baya yana karanta sanarwar wanke hannu, har ya haddace ta. Amma lambobin nasa ne. Ya samu wani falankin katako a wajen aiki, duk sati ya rubuta da fensir: dubu tara, dubu biyu da ɗari ɗaya, ɗari bakwai, ɗari uku da goma. Masu zuwa ɗaukar kujera suna ɗauka farashin wani abu ne ke faɗuwa, har wani ya tambaye shi ko katako ne ya yi araha haka.

A sati na huɗu Yaya ta zo taya gyaran ɗaki, wanda a wajenta yana nufin buɗe kowace durowa. Ta ci karo da ƙwayoyin tazarar. Ta sami Tela da Kafinta a falo tana riƙe da katin maganin da yatsa biyu, ta ce shekara tara ana addu'a, ashe a nan ake toshe ƙofa. Kafinta ya fara bayanin sinadari da lamba, ta ce ya rufe mata baki, yaushe aka haife shi. A cewarta mace in an yi mata wankin ciki, lokacin ne mahaifa take sabuwa fil, sai a yi maza kafin ta sake yin ƙura. Tela ta karɓe maganinta ta ce umarnin likita ne. Yaya ta tafi ba ta sha shayin da aka haɗa mata ba.

Sai ga aiki ya faɗo wa Tela, kayan makaranta na yara sittin, ana so kafin a dawo daga hutu. Jikinta ya dawo, tana cin abinci kamar mai ramuwa, siket ɗinta na da ya shige ta. Litinin ta zo ta ce layin nan na cinye mata rabin yini, za ta je Laraba. Laraba ta ce sai Litinin. Kafinta ya yi magana, ta ce ya dube ta da kyau, ta yi masa kama da mara lafiya? Lamba da ta sauko daga dubu ɗari biyu zuwa ɗari uku ai ta san hanya, za ta ƙarasa da kanta. Haka sati uku suka wuce, falankin Kafinta na nan da gurbi uku ba rubutu. A cikin hidimar ɗinkin har ƙwayar ma ta manta kwana biyu.

Ran nan da safe ta ga ɗan ɗigon jini, kuma warin man keke ya ɗan tayar mata da zuciya. Ta yi kuskuren faɗa a gaban Yaya, wadda ta huce ta dawo taya ta ɗaura maɓalli. Yaya ta yafa gyale ta fita, ta dawo da tsinken gwaji daga kantin magani. Layi biyu suka fito. Kafin Tela ta gama wanke hannu, mai aski ya ji, mai gyaran rediyo ya ji, an kuma aika wa Kafinta cewa ya zo ya karɓi albishir.

Ya iso da ƙurar zarto a gira. Ya tarar da Yaya na taka rawa tsakanin tarin wanduna, matarsa kuma na zaune da tsinken a hannu, fuskarta da wani haske da bai gani ba tun ranar hoton ciki. Wannan hasken ne ya fi ba shi wahala. Ya karɓi tsinken ya duba, ya ajiye a kan keke.

"Maman Tilo, tsinken nan ba jariri yake gani ba, sinadarin yake gani," ya ce. "Ranar da muka daina zuwa kina ɗari uku da goma. Ko a ranar aka gwada, layi biyu zai nuna."

Yaya ta ce tunda take ba ta taɓa ganin namijin da aka yi wa albishir ya kawo lissafi ba. Tela ta ce ai ta tsallake ƙwaya kwana biyu, yana iya yiwuwa. Ya ce yana iya yiwuwa, shi ya sa za su je a duba. Ta ce saura wando goma sha ɗaya. Kafinta, wanda a shekara goma sha biyu na aure bai taɓa taɓa kekenta ba, ya sunkuya ya zare bel ɗin keken ya naɗe ya sa a aljihu. Yaya ta buɗe baki, ya ce mata, da ladabi amma bai sunkuyar da kai ba, ita ma ta shigo motar, ta ji da kunnenta.

Likita ba ta yi faɗa ba, ta dai daɗe tana kallon gurbi ukun da ke jikin katin, wanda ya fi faɗa ciwo. Lambar ta fito dubu ɗaya da ɗari huɗu. Aka yi hoto, ba a ga sabon ciki ba, amma ta ce a wannan matakin ƙaramin ciki na iya ɓuya, za a maimaita. Sati na gaba dubu ɗaya da ɗari tara, na bayansa dubu biyu da ɗari shida. Ta ce da jariri ne da lambar ta ninka kanta cikin kwanaki kaɗan, kuma da yanzu an gan shi. Abin da hoton ya nuna shi ne ɗan tabo a bangon mahaifa, mai jijiyoyin jini da yawa. Ɓurɓushin ne ya farfaɗo.

Tela ta tambaya kai tsaye ko daji ne. Likita ta ce danginsa ne, kuma maganin daji za a ba ta, amma a duk dangin babu mai jin magani kamarsa; in aka kama shi a nan, kusan kowa na warkewa, mahaifa kuma na nan a wurinta. Aka ɗauki hoton ƙirji, huhu fes. Tela ta tambayi ko da ta zo satin ukun nan da abin bai taso ba. Likita ta ce da zai taso, sai dai da an gan shi tun yana ƙarami. Abin tsoron shi ne da ta zauna wata biyar tana rainon layi biyu.

Yaya na zaune a kusurwa da jaka a cinya. Sai da suka shiga mota ta ce ita fa a zamaninsu ba a yin irin wannan cikin. Daga baya ta ƙara da cewa, ko kuma ana yi, ba a dai san sunansa ba, domin ta tuna wata maƙwabciyarsu da aka yi ta jiran haihuwarta, aka ce cikin ya kwanta, ta yi ta zubar jini da tari har ta rasu.

Maganin allura ce a ɗuwawu, yau a yi, gobe a sha wata ƙwaya mai rage mata kaifi, haka har kwana takwas, a huta kusan sati guda a sake. Tela ta ɗinka wa kanta huluna uku don jiran zubewar gashi, gashin ya ƙi zuba, Nas ta ce wannan allurar ba ta cika taɓa shi ba. Bakinta ne ya yi ƙuraje, idonta na yi mata kamar an zuba yashi, aka ce ta riƙa shan ruwa da yawa ta guji zafin rana. Magana na yi mata zafi, saboda haka kusan wata biyu gidan ya koma hannun Kafinta ta fuskar surutu, kuma ya yi amfani da damar. Wanduna goma sha ɗayan nan wata abokiyar sana'arta ta ƙarasa, Tela ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido ta nuna inda aka karkace, da yatsa.

Rakiya kuwa Yaya ta ƙwace. Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta iya ba, amma duk ranar allura ƙarfe bakwai tana bakin ƙofa da gorar ruwa da lema. Ta karɓe katin ta sa a jakarta ta ce yara ba su iya ajiya ba. Ta koyi kalmar sinadari, tana faɗinta a inda ta dace da inda ba ta dace ba. A benci, duk matar da ta zauna kusa da ita sai ta tambaye ta cikin wata nawa ne, ta dubi girmansa, ta tambayi ko tana ganin jini. Wata ta ce mata ita ba ciki ne da ita ba, haƙori ya kawo ta. Yaya ta ce duk da haka ta riƙa lura.

Bayan zagaye na huɗu lambar ta sauko ƙasa da biyar. Mai ɗibar jini ne ya leƙo ya faɗa musu tun takardar ba ta kai ofis ba. Likita ta ce za a ƙara zagaye uku don a tabbatar, sannan gwaji duk wata har shekara, kuma shekarar nan ba ciki. Bayan nan in suna so su gwada. Yawancin mata suna haihuwa lafiya, abin kan maimaitu ga kamar ɗaya cikin ɗari, sai dai a yi hoto da wuri a kuma gwada jini bayan haihuwa. Tela ta lissafa, ta ce lokacin ta haura arba'in. Likita ta ce haka ne. Ba wanda ya yi mata alkawarin komai, kuma ta ga ta fi son hakan. Yaya ce da kanta ta tambayi ko akwai tazarar da ba a mantawa, tunda wasu in aiki ya yi musu yawa ba sa tuna ƙwaya.

Suna fitowa Nas ta tare Yaya. Ta ce wata biyu ke nan tana ganinta tana haki a kan matakala tana kuma shanye rabin ruwan mara lafiya, ta zauna a gwada ta. Yaya ta ce ita rakiya ta zo, kuma rabonta da ciwo tun haihuwar na bakwai. Tela, wadda bakinta ya warke sarai, ta ce mace na iya jin garau alhali abu na nan, jini ne kaɗai ke tonawa. Aka naɗa wa Yaya abin awo a dantse, aka kawo 'yar allurar yatsa. Matar da ta haifi bakwai ta rufe ido ta damƙe hannun Auta har ya yi ƙara.

Jininta ya hau, sukari ma ya hau. Aka rubuta mata magani, aka ce ta rage zaƙi da gishiri, aka ba ta nata katin, duk sati biyu ta dawo ranar Alhamis. Ta karɓa tana juya shi, ta ce rubutun ya yi ƙanana, kuma ita ranar Alhamis ba ta fita.

Tela ta zare katin daga hannunta ta sa a jakarta, ta ce ƙarfe bakwai za ta zo ɗaukarta.